Kashi 10, 20 ko 30: Nawa Ya Kamata Ka Fara Biya Kafin Ka Karɓi Lamunin Gida?

Duk bankin da ke ba da lamunin gida yana da wani lissafi da yake farawa da shi kafin ya duba komai naka. Yana ɗaukar kuɗin da kake so ya ranta maka, ya raba su da darajar gidan, ya ga kashi nawa ke nan cikin ɗari. A takardunsu za ka ga an rubuta LTV. Idan gida na naira miliyan 30 ne, ka ajiye miliyan 6 daga aljihunka, banki ya cika miliyan 24, to bashin ya zama kashi 80 na darajar gidan, kafin alƙalaminka kuma kashi 20. Idan miliyan 3 ka ajiye, bashin ya koma kashi 90. Idan miliyan 9 ce, kashi 70.

Abin da masu nema suka fi ji a bakin mutane shi ne, yawan kafin alƙalami yana sa a amince da kai da wuri, kuma yana rage maka kuɗin ruwa. Rabin farko gaskiya ne ko'ina. Rabi na biyu kuwa ya danganta da ƙasar da kake da ƙofar da ka ƙwanƙwasa. A Najeriya, inda kuɗin lamunin suka fito shi ya fi yanke ruwan da za a ɗora maka, kuma wannan ne ya kamata ya gaya maka ko ka zuba duk abin da ka tara ko ka riƙe wani abu a hannu.

Me ya sa banki ya damu da wannan kaso?

Banki ba ya tunanin ranar da za ka tare a gidan. Tunaninsa ranar da ka kasa biya ne. Shi ya sa rahoton mai kimanta gida yakan zo da adadi biyu: abin da gidan zai yi a kasuwa idan ba a gaggawa, da abin da zai yi idan aka sayar da shi na dole, wato farashin gwanjo. Na biyun kullum yana ƙasa. A ce gidan miliyan 30 zai yi miliyan 21 a gwanjo. Wanda banki ya ranta wa miliyan 27, idan ya tsaya da biya tun a shekarun farko, banki ya tafka asarar wajen miliyan 6 kafin ma a yi maganar lauya da kotu. Wanda aka ba miliyan 24, asarar ta sauko 3. Wanda aka ba miliyan 21, banki ya fita da uwar kuɗinsa. A nan kashi 30 ɗin da bankunan kasuwanci ke yawan nema ya samo asali, ba mugunta ba ce kawai.

Akwai kuma abin da ya shafi halin ɗan Adam. Mutumin da ya zuba miliyan 9 na gumin kansa ba ya sakin gida cikin sauƙi. Zai sayar da mota, ya nemi 'yan'uwa, ya yi duk yadda zai yi. Ga shi kuma a ƙasar nan ƙwace gida daga hannun wanda ya kasa biya aiki ne mai cin shekaru a kotu, ruwa yana taruwa, gida yana lalacewa. Banki ya san haka, don haka yake son tazara mai faɗi tsakanin bashinsa da darajar gidan.

Mu ɗauki mutum guda mu bi shi

Ma'aikaci ne a Kaduna, ɗan shekara 40, abin da ke shiga hannunsa a wata bayan an cire haraji da fansho naira 540,000. Ya tara miliyan 9. Ya ga gida mai ɗaki uku, an yi ciniki a miliyan 30, takardu sun cika. Alƙaluman nan na misali ne, amma lissafin da za a yi da su shi ne wanda banki zai yi.

Ƙofofi uku ne a gabansa. Ta farko Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa duk wata, idan ya yi wata shida yana zubi ya cancanci nema. FMBN yana ba bankunan lamunin gidaje kuɗin a kan kashi 4, su kuma su ba mai nema a kan kashi 6 a shekara, zuwa shekara 30. A 2018 aka sassauta kafin alƙalami: bashin da bai wuce miliyan 5 ba babu ko sisi, daga nan zuwa miliyan 15 kuma kashi 10. Rufin bashin ya daɗe a miliyan 15 kafin a sanar da ɗaga shi zuwa miliyan 50. Ƙofa ta biyu asusun MREIF da kamfanin zuba jari na Ma'aikatar Kuɗi ya kafa, wanda a 2025 ya sanar da ruwa kashi 9.75, shekara 20, kafin alƙalami daga kashi 10. Ta uku lamunin bankin kasuwanci na yau da kullum. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, kuma a irin wannan yanayi ba a samun lamunin gida na kasuwa ƙasa da kashi ashirin da wani abu. Za mu yi lissafi da kashi 24 a shekara 10.

Dubi abu ɗaya tun kafin mu ci gaba. Tsakanin 6 da 9.75 da 24, babu inda yawan kafin alƙalami ya shigo. A ƙofa ta farko, wanda ya ajiye kashi 10 da wanda ya ajiye kashi 40 ruwansu ɗaya, kashi 6, domin tsari ne ya yanke shi, ba ciniki ba.

Sharaɗi na biyu da kafin alƙalami ke buɗewa

Cika mafi ƙarancin kafin alƙalami ba shi ke nan an amince ba. Bayan an auna bashi da gida, sai a auna biyan wata da albashi. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kada abin da za a cire maka ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Na mutuminmu naira 180,000 ke nan. Kuma tun da shekararsa 40, ritaya a 60, ba za a ba shi shekara 30 ba. Shekara 20 ce iyakarsa.

A kashi 6 na shekara 20, kowace miliyan ɗaya da ka ranta tana cin kimanin naira 7,164 a wata. Idan ya ajiye kashi 10 ya ranci miliyan 27, biyansa zai kai kusan 193,400. Ya haura 180,000, an mayar masa da takardunsa, alhali ya cika sharaɗin kafin alƙalami daidai. Idan ya ajiye kashi 20, miliyan 24 za ta ci kusan 171,900, ya wuce. Idan kashi 30 ne, miliyan 21 za ta ci 150,450, ya wuce da sauran numfashi. Da a ce shekararsa 30 ne aka shimfiɗa masa bashin a shekara 30, miliyan 27 ɗin nan za ta sauko wajen 161,900 a wata, kashi 10 ya ishe shi. Gida ɗaya, albashi ɗaya, shekarun haihuwa ne kawai suka raba su. Wannan ne dalilin da ya sa amsar aboki, "ai ni kashi 10 na ba da aka ba ni," ba ta da amfani gare ka sai ka san shekarunsa da albashinsa.

Na fi son a juya lissafin ta baya. Ka fara da kashi ɗaya cikin uku na albashinka, ka raba da abin da kowace miliyan ke ci, ka ga iyakar bashin da za ka iya ɗauka. Abin da ya rage tsakanin wannan da kuɗin gida shi ne kafin alƙalaminka na gaskiya, ko me aka rubuta a takardar talla. Ga mutuminmu, a kashi 6 iyakarsa miliyan 25 da ɗan ɗori, don haka yana bukatar kusan miliyan 5. A kashi 9.75 kowace miliyan tana cin kimanin 9,485, iyakarsa ta sauko kusan miliyan 19. Sai ya kawo miliyan 11, fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gidan, duk da cewa tsarin ya ce daga kashi 10. A kashi 24 na shekara 10 kuwa kowace miliyan tana cin wajen 22,050, abin da zai iya ranta bai fi miliyan 8 da kaɗan ba. Sai ya zo da miliyan 22 a hannu. Wanda ke da wannan, gaskiya, ya kusa sayen gidan da kansa.

Wani zai ce to a tsawaita shekarun mana. A ruwa mai tsada ba ya taimakawa sosai. A kashi 24, idan aka ninka wa'adin daga shekara 10 zuwa 20, abin da miliyan ɗaya ke ci a wata zai sauko ne daga 22,050 zuwa wajen 20,170 kawai, domin kusan duk abin da kake biya ruwa ne. Rage uwar kuɗin ne kaɗai ke yin tasiri a nan.

Inda mai kimanta gida ke sauya lissafi

Nan ne mutane suka fi shan mamaki, kuma nan ne ya kamata a ɗan tsaya. Banki ba ya auna bashi da kuɗin da kuka yi ciniki da mai gida. Yana turo ƙwararren mai kimantawa mai rajista, sannan ya ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin farashin ciniki da kimar da aka rubuta. Mai kimantawa zai zo da abin awo da kyamara, ya auna fili, ya leƙa silin ko akwai alamar yoyo, ya duba hanyar unguwa ko mota na shiga da damina, ya tambayi nawa aka sayar da makamantan gidan a kusa. Tayal mai tsada da fitilun ado da suka ja hankalin uwargida ba su cika ƙara komai a rahotonsa ba.

A ce ya rubuta miliyan 27. Mai gida bai rage ko kwabo ba, miliyan 30 yake jira. Bankin da iyakarsa kashi 80 zai ba da kashi 80 na miliyan 27, wato miliyan 21.6. Mutuminmu da ya shirya miliyan 6 yanzu sai ya kawo miliyan 8.4, kashi 28 na kuɗin ciniki. Inda iyakar kashi 90 ce, za a ba da miliyan 24.3, ya kawo miliyan 5.7 a maimakon miliyan 3 da ya sa a ransa. Duk naira ɗaya da kima ta gaza ciniki, kusan dukkanta a kanka take faɗawa.

Idan ya koma ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kashi 20 na kawo cif," ma'aikacin banki zai juyo masa da rahoton ya nuna masa da biro: "Malam, kashi 20 na cinikinka ne. A wurinmu miliyan 24 a kan miliyan 27 kusan kashi 89 ne." Kuma gaskiyarsa.

Ana iya hango wannan tun da wuri. Idan farashin da aka sa maka ya ɗara na gidajen da aka sayar a layin kwanan nan, ko dillalai sun yi yawa a tsakani kowa ya ɗora nasa, ko gidan ya fi duk na unguwar girma da ado, to ka sa ran kima za ta gaza. Kafin ka ba mai gida kuɗin da ba za a mayar ba, ka biya mai kimantawa daga cikin waɗanda bankin ke aiki da su ya duba, ko ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa idan lamuni bai fito ba za a dawo maka da kuɗinka. Rahoton da ya zo ƙasa makami ne ma na sake ciniki, domin duk wani mai saye da bashin banki zai ci karo da shi.

Kuɗin da ba a lissafa su cikin kafin alƙalami

Miliyan 9 da ya tara ba duka ne za su tafi ga mai gida ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna, kuma wannan yana da kuɗinsa. Ga kuɗin hatimi, ga rajista a ma'aikatar filaye, ga lauya, ga mai kimantawa, ga inshorar gobara da ta rai, ga la'adar dillali, ga cajin bankin kansa. Yawansu ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Mu ware masa miliyan 2. Saura miliyan 7. Wato kashi 30 da yake ganin yana da shi tun farko, ba shi da shi.

Gidan da ba shi da C of O ko wata takardar mallaka mai rajista kuwa, ba a ma kai ga maganar kaso. Ko kashi 60 ka ajiye, takardar mai unguwa da shaidu ba ta zama jingina a banki.

Ruwan fa, yaushe yake sauka?

A Birtaniya abin a bayyane yake. Bankuna suna jera farashinsu hawa-hawa: kashi 95, 90, 85, 80, 75, har zuwa 60, kowane mataki da ruwansa, mafi arha a ƙasa. 'Yan'uwanmu da ke zaune can su lura da cewa ragin yana hawa kan bashin gaba ɗaya, ba kan ɗan abin da ka ƙara ba. Gidan fam 200,000 da bashin fam 161,000 yana kashi 80.5, don haka za a caje shi da farashin matakin 85. Ƙara fam 1,000 kacal ya sauko da shi 80. Idan bambancin matakan biyu rubu'in kashi ɗaya ne, ya tsira da wajen fam 400 a shekara a kan fam dubu ɗaya. Amma wanda ya ƙara kuɗi ya sauko daga 84 zuwa 81 bai tsallake komai ba, ruwansa na nan. A Amurka layin da aka fi ji shi ne kashi 80: wanda bashinsa ya haura haka a lamuni na yau da kullum ana ɗora masa inshorar da ke kare banki, shi ke biya duk wata, kuma dokar 1998 ta ce a cire ta idan bashin ya sauko kashi 78 na darajar farko.

A bankunan kasuwanci na Najeriya ba kasafai za ka ga irin wannan jadawali a manne ba. Ruwan yana bin tsadar kuɗi a kasuwa, sannan a duba wane ne kai: inda kake aiki, ko albashinka ta bankin yake shigowa, tarihin bashinka. Kafin alƙalami mai kauri yana ba ka bakin magana, kana iya neman ragi, kuma ya kamata ka nema. Sai dai ka san girman abin da kake nema. A ce an sauke maka daga 24 zuwa 23 saboda ka ajiye kashi 30. A kan miliyan 21 na shekara 10, biyan wata zai sauko daga kusan 463,000 zuwa 448,500, ragin 14,500. Amma miliyan 3 da ka ƙara, wadda ta rage bashin daga 24 zuwa 21, ita kaɗai ta sauke maka wajen 66,000 a wata. Ribar tana cikin bashin da ba ka ci ba, ragin ruwan ɗan ƙari ne. Ka kuma karanta takardar tayi da kyau: yawancin irin wannan lamuni ruwansa ba tsayayye ba ne, akwai layin da ya ba banki damar sauya shi idan kasuwa ta motsa, kuma ragin da ka sha wahalar samu yana iya narkewa a sanarwa ɗaya.

Kamfanin NMRC, wanda aka kafa a 2013 don sayen lamunin gidaje daga bankuna ya ba su kuɗi masu dogon wa'adi, yana da ƙa'idojin da bankuna ke bi idan suna son ya karɓi lamunin. Kafin alƙalami a can yana farawa daga kashi 20 ga mai albashi, yana hawa idan gidan ya fi tsada ko mai neman ɗan kasuwa ne. Saboda haka ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya fi ma'aikaci samu nesa ba kusa ba zai iya jin an nemi ya ajiye fiye da na ma'aikacin. Kuɗinsa ba su da ranar shigowa tsayayya, sai a nemi tazarar a jikin gida.

Wanda ke guje wa riba ya nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, zai tarar da wannan ma'auni da wata riga. A tsarin haɗin gwiwar da rabon banki ke raguwa, kai da banki kuke sayen gidan tare, kana biyan haya a kan rabonsa kana kuma saye shi kaɗan-kaɗan. Idan ka shigo da kashi 30, hayar kashi 70 kake biya. Idan da kashi 20 ne, ta kashi 80. Kima, takardun fili da gwajin albashi duk suna nan yadda suke.

To wanne za a zaɓa?

Ra'ayina ya rabu biyu, gwargwadon ƙofa. Idan lamuni mai rangwame ne na kashi 6, ka ajiye abin da zai sa a amince da kai, ka tsaya nan. Kowace miliyan 3 da ka ƙara tana tsare maka ruwan kusan naira 180,000 ne a shekarar farko. Sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya na 2023, takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, ya biya kashi 15.75, wato miliyan 3 ɗin za ta kawo 472,500 a shekara. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, bashi tsayayye a kashi 6 yana sauƙaƙa da kansa kowace shekara: 172,000 ta yau ba ita ce 172,000 ta bayan shekara goma ba. Binne kuɗi a bango don rage irin wannan bashi asara ce, balle kuma idan ya bar ka ba ka da na gyaran rufi ko na asibiti. Kuɗin da suka shiga gida ba sa fitowa ranar da kake bukata.

Idan lamunin kasuwa ne na kashi ashirin da wani abu, abin ya juya. Babu wata ajiya mai aminci da za ta ba ka abin da bankin ke karɓa a hannunka, don haka duk abin da za ka iya ajiyewa ka ajiye, ka bar na watanni kaɗan na ko-ta-kwana kawai. Ka tambaya tun farko ko akwai tara idan ka biya wani kaso kafin lokaci, domin a irin wannan bashi duk kuɗin da suka faɗo maka can ya kamata su tafi.

Ga mutuminmu lissafin ya tsaya a wuri ɗaya. Da kimar miliyan 27, idan ƙofar kashi 6 ta karɓe shi a kashi 90, zai ranci miliyan 24.3, biyan wata kusan 174,100, ƙasa da iyakarsa ta 180,000. Ya ajiye miliyan 5.7, ya kashe 2 a takardu, miliyan 1.3 ta rage masa. Matsalar wannan ƙofa lokaci ne: takardu suna bi ta bankin lamuni zuwa FMBN, ana iya ɗaukar watanni masu yawa, kuma ba kowane mai gida ke da haƙurin jira ba. Shi ya sa ta fi tafiya daidai da gidajen rukunin da aka gina da wannan tsari a zuciya. Ƙofar 9.75 tana buɗe masa ne kawai idan aka haɗa da albashin matarsa: idan tana samun 150,000, kashi ɗaya cikin uku na su biyun ya zama 230,000, wanda zai ɗauki bashin miliyan 24 da ɗan kai.

Cike giɓi: hanyar da ke aiki da wadda ke rusa nema

Tun Satumban 2022 hukumar fansho, PenCom, ta ba ma'aikaci damar amfani da kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa a matsayin kafin alƙalamin gida, idan an yi masa zubi na aƙalla wata 60 kuma saura masa shekara uku ko fiye ya yi ritaya. Kuɗin ba sa biyowa ta hannunsa, bankin lamuni ake tura wa. Mai miliyan 8 a asusu zai samu miliyan 2. Amfaninta shi ne ba bashi ba ce, ba ta taɓa albashi. Kuɗinta kuwa a tsufa ake biya, fanshon wata zai ragu.

Hanyar da ke kashe nema ita ce ranto kafin alƙalamin. A ce ya karɓi miliyan 3 a ƙungiyar adashin ma'aikata, za a cire cikin shekara biyu. Ko ba a ɗora komai ba, 125,000 ke nan a wata, kuma zai fito ɓaro-ɓaro a takardar albashi. Banki zai cire shi daga 180,000, saura 55,000, wanda ba zai ɗauki bashin da ya kai miliyan 8 ba ko a kashi 6. Ya gyara ma'auni ɗaya ya karya ɗayan. Bashin manhajar waya ko na wani banki ma ba ya ɓuya, domin ana duba sunan mai nema a hukumomin tattara tarihin bashi. Haka nan miliyoyin da suka faɗo asusu dare ɗaya, mako biyu kafin nema, sai an tambayi asalinsu. Idan kyauta ce daga yaya ko baffa, a rubuta takarda cewa kyauta ce ba rance ba. Idan kwasar adashi ce ko kuɗin sayar da fili, a riƙe shaida. Ɗan kasuwa kuma ya fara shigar da cinikinsa banki aƙalla shekara guda kafin ya nema, domin abin da bai bi ta asusu ba, a wurinsu bai faru ba.

Saura masu cewa bari in jira in tara kashi 20 tukuna. Wannan ma a lissafa shi. Mai iya ajiye 150,000 a wata zai yi wata 20 kafin ya haɗa ƙarin miliyan 3. Idan a wannan tsakanin gidan miliyan 30 ya tashi da kashi 20 ya koma 36, kashi 20 ɗinsa ya zama miliyan 7.2, ba 6 ba, kuma bashin da zai nema ya zama miliyan 28.8, ya fi miliyan 27 da ya guje wa tun farko. Ga kuɗin haya da ya ci gaba da biya, ga wa'adin biyan da ya ragu da kusan shekara biyu saboda ritaya ta matso. Jira yana da riba ne idan farashin gidaje a unguwar ya tsaya cik, ko idan albashin ne bai kai ba kuma ana sa ran ƙarin girma. In ba haka ba, wanda kuɗinsa suka gaza gara ya nemi gidan miliyan 25: miliyan 6 ɗinsa ta zama kashi 24, bashin miliyan 19, biyan wata wajen 136,100 a kashi 6, kuma ko a kashi 9.75 ya tsaya dab da iyakarsa ta 180,000.